Dariyar inji ko ta 'yan kallo: yadda ake gane ta a wasan barkwanci na talabijin, wato sitkom

"Malam, ni da ƙanena mun daɗe muna musu. Shi ya ce duk dariyar da ake ji a wasannin barkwanci na Turawa irin su Friends ta inji ce, ni kuma na ce mutane ne zaune a wurin suna kallo. Mene ne bambancin, kuma yaya mutum zai gane wacce yake ji?"

A kan Friends dai kai ne da gaskiya. An ɗauki mafi yawan wasan a situdiyon Warner Bros. da ke Burbank, a jihar Kalifoniya, a gaban mutane kusan 300 da ke zaune a kan kujeru masu hawa-hawa kamar na filin ƙwallo. Amma kada ka yi saurin yi wa ƙanenka dariya, domin kunnensa ya jiyo wani abu na gaske. Aikina haɗa sauti ne, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, kunne shi kaɗai ba ya raba wannan gardama. Ido ya fi shi saurin kama gaskiya. Bari in bi da kai ta hanyar da ni ma nake bi.

Wasan da ake yi a gaban 'yan kallo kusan wasan dandamali ne da aka sa wa kyamara. Tsarin ya kafu ne da I Love Lucy a 1951, inda Desi Arnaz, ɗaya daga cikin jaruman shirin, da mai ɗaukar hoto Karl Freund suka jera kyamara 3 suna ɗauka a lokaci guda, jama'a na kallo. Yau yawanci 4 ake amfani da su. Ana gina ɗakunan wasan a jere, falo kusa da kicin kusa da shagon shayi, kowanne da bango 3 kawai. Bango na huɗu babu shi, nan kyamarori suke, bayansu kuma 'yan kallo. A saman kujerun 'yan kallon ana rataya makirfo da yawa, aikinsu kawai su kwashi dariya. 'Yan wasa kuma nasu makirfo daban ne, a kan dogon sanda ake miƙa shi saman kansu. Saboda haka murya da dariya kowacce a layinta take shiga na'ura, kuma wannan rabuwar ita ce ke ba mai haɗa sauti damar taɓa ɗaya ba tare da ya taɓa ɗayar ba.

Shirin da kake kallo cikin minti 22 yakan ci awa 3 zuwa 5 kafin a gama ɗaukarsa, na Friends ma yakan zarce haka. Kowace fitowa ana maimaita ta sau 2 ko fiye. Idan an faɗi abin dariya jama'a suka yi tsit, marubuta sukan taru a gefe nan take su sauya maganar, a sake ɗauka. Akwai kuma wani ɗan barkwanci da aka ɗauka musamman don ya riƙa ɗebe wa 'yan kallo kewa a tsakanin fitowa da fitowa, ya tuna musu inda labari ya tsaya, don kada gajiya ta kashe musu jiki. To ka ga a nan dariya tana cikin aikin tun daga tushe. Ita ke nuna wa marubuci maganar da ta ci da wadda ta faɗi, ita kuma ke gaya wa ɗan wasa lokacin da zai buɗe baki.

Dariyar inji kuwa bayan an gama komai ake ɗora ta. An ɗauki wasan kamar fim, da kyamara ɗaya, a yi wannan kusurwa, a tsaya, a gyara fitila, a yi waccan. Ba mai kallo sai ma'aikata, su ma an ce su yi shiru. Bayan an tace hoto sai a kira mai sauti ya zuba dariya a inda ake so. Shirin talabijin na farko a Amurka da aka san ya yi haka shi ne The Hank McCune Show a 1950. Wanda ya mayar da abin sana'a kuwa shi ne Charles Douglass, injiniyan sauti a tashar CBS. A farkon shekarun 1950 ya ƙera wani akwati mai maɓallai kamar na tafireta, da feda da ake takawa da ƙafa. A ciki akwai zoben tef 32, kowanne ɗauke da dariya 10, jimilla 320 ke nan: ƙyalƙyalar mace, ƙaƙƙarfar dariyar namiji, 'yar murmushin da ke fita da sauti, shewar taro. Yana kallon hoton yana danna maɓallai kamar mai kaɗa molo, yana haɗa wannan da waccan, fedar kuma na ƙayyade tsawon dariyar. Kwaɗo yake sa wa akwatin don kada kowa ya ga cikinsa. A shekarun 1960 kusan duk dariyar da ke cikin wasannin barkwancin Amurka daga hannunsa da na iyalinsa ta fito, irin su Bewitched da Gilligan's Island. Shi ya sa wanda ya saba kallon wasannin wancan zamani yakan gane murya ɗaya tana dariya a shirye-shirye daban-daban, shekara da shekaru.

Inda ƙanenka ya kusa gaskiya shi ne, tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi, kuma yawancin abin da muke ji a can yake. Shi kansa Douglass da gyaran dariyar mutanen gaske ya fara. Masu sana'ar suna kiran wannan aiki ƙara zaƙi. Ka ɗauka an yi fitowa sau 3. A karo na farko jama'a sun fashe da dariya, amma ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe a jimla ta gaba. A karo na uku wasan ya fita tsaf, sai dai jama'a sun riga sun san abin da za a faɗa, dariyarsu ta yi sanyi. Mai tacewa zai ɗauki hoton karo na uku, mai sauti ya ɗauko dariyar karo na farko ya ɗora masa. Haka kuma idan an yanka daga wannan ɗauka zuwa waccan, dariyar takan katse kamar an datse ta da almakashi, sai a nemo wata a lulluɓe mahaɗin. Wani lokaci ma ragewa ake yi, idan jama'a sun ƙi yin shiru kuma lokacin shirin ya yi kaɗan. Akwai kuma hanya ta uku, a ɗauki wasa babu kowa, sannan a nuna shi ga taron mutane a allo a naɗi dariyarsu. All in the Family, wanda ya fara a gaban 'yan kallo a 1971, ya koma wannan hanya a zangonsa na ƙarshe, kuma sanarwar ƙarshen shirin ta canza ta faɗi hakan. Wannan dariya ta mutane ce ta gaske, a kan wasan nan ɗin aka yi ta, amma 'yan wasan ba su ji ta ba.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mabuɗin. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: shin ɗan wasan nan yana jin dariyar da nake ji?

Ka kashe sautin talabijin ɗinka, ka kalli minti 2. Abu na farko, ka duba ɗakin. Ka taɓa ganin bangon da ke fuskantar doguwar kujerar shagon Central Perk a Friends? Ka lura yadda mutum 6 ke zama a gefe ɗaya, duk suna fuskantar wuri guda, ba wanda ya ba kyamara baya. A teburin cin abinci ma sukan bar gefe ɗaya fili. Hasken ɗakin ko'ina daidai yake, babu duhu mai zurfi, domin fitilun daga sama suke kuma dole su yi wa kyamara 4 aiki a lokaci guda. Rufin ɗakin ma ba kasafai ake nuna shi ba, saboda fitilu da sandan makirfo suna can. Idan ka ga haka, an gina wurin ne domin a kalle shi daga gefe guda. Idan kuwa kyamara tana shiga tsakiyar ɗaki, tana leƙo ta bayan kafaɗar wannan sannan ta koma bayan kafaɗar wancan, ka ga bango duka 4, ka ga an fita titi na gaske da rana ta gaske, ko mutum ya ɓace ɓat kamar yadda ake yi a Bewitched, to babu wurin da mutum 300 za su zauna su ga wannan yana faruwa. Duk dariyar da ke kai daga baya ta zo.

Abu na biyu, har yanzu sauti a kashe, ka dubi fuskar wanda zai ba da amsa bayan an faɗi abin dariya. A gaban jama'a dole ya jira. Kuma ba ya sanin tsawon jiran, don haka sai ya cike shi da wani abu: ya kurɓi kofi, ya gyara zama, ya ɗaga gira, ya kawar da kai don kada shi ma ya fashe. Wani lokaci za ka ga ya buɗe baki zai yi magana, dariyar ta sake tashi, ya rufe, ya sake farawa daga farkon jimlar. Ƙwararre yana shigowa ne daidai lokacin da dariya ta wuce ƙololuwarta ta fara sauka, bai bari ta mutu ba, bai kuma taka ta ba. Wannan jiran ba ya zama iri ɗaya sau biyu, wani daƙiƙa 1, wani daƙiƙa 8. A I Love Lucy akwai fitowar da Lucy ta ɓoye ƙwai a cikin rigarta sannan aka ja ta rawar tango, ƙwan suka fashe a ƙirjinta. Dariyar ta kai daƙiƙa 65. Ka kalli yadda Lucille Ball, wadda ta fito a matsayin Lucy, ta riƙe fuskarta tana ciyar da dariyar gaba da ɗan motsi kaɗan-kaɗan. Mutum ba ya yin wannan a ɗakin da babu kowa.

A wasan kyamara ɗaya kuwa, ko dai mai tacewa ya bar ɗan gurbi da gangan, ya riƙe hoton fuskar wani na daƙiƙa 1 ko 2 don dariya ta samu wurin zama, ko kuma bai bari ba, sai dariyar ta bi ta ƙarƙashin magana ta gaba. Na taɓa shan wahalar wannan da hannuna. Wani furodusa ya kawo mini gajeren wasan barkwanci da aka ɗauka da kyamara ɗaya, ya ce in sa masa dariya irin ta Turawa. 'Yan wasan suna ba juna amsa kamar ana wasan langa, ba tsayawa. Duk inda na sa dariya mai ƙarfi sai ta haɗiye farkon jimlar da ke biye, alhali sau da yawa jimlar nan ita ce ainihin abin dariyar. Dole na riƙa ɗaga ta da sauri, in danne ta cikin rabin daƙiƙa kafin mai magana ya shigo. Da na saurari aikin washegari da sabon kunne, sai na ji kamar ana buɗe famfo ana rufewa. Taron mutane ba ya yin shiru don ya ga bakin ɗan wasa ya motsa. Akasin haka ake yi, ɗan wasa ne ke jiran taro. Duk inda ka ji dariya tana gudu ta ba magana hanya kamar ta san abin da ke tafe, hannun mai sauti ne.

Yanzu ka mayar da sauti, ka sa iyafis a kunne biyu. Dariyar taro ba ta da tsabta. Mutum 2 ko 3 masu saurin fahimta sukan riga kowa, har kafin a ƙarasa jimlar, sannan sauran su biyo, sannan wutsiyar ta ja, a bar wata mata ita kaɗai tana ƙoƙarin tsayawa. Za ka ji tari, ka ji wani ya ce "oh", ka ji an yi dariya a wurin da ba a rubuta abin dariya ba, don kawai wani ya yi wani kallo. Girman dariyar kuma yana bin girman abin: ƙaramar magana ta samu ƙaramar dariya, wata ma ta wuce babu komai. Sannan dariya da murya ɗaki ɗaya suke, amonsu iri ɗaya ne, kuma 'yan wasa suna ɗaga murya kamar masu magana da na bayan zaure. Ta inji kuwa takan fara gaba ɗaya, ta ƙare gaba ɗaya, tsawonta kusan ɗaya kowane lokaci, kuma ba ta barin ko da magana mai rauni ta wuce ba ta yi mata hidima ba. Babban abin da ke tona ta shi ne wuri. Mutane na magana a cikin mota ko a bakin teku, iska na kaɗawa, amma dariyar tana da amon rufaffen zaure.

Sai dai ka yi hattara da wannan alama ta ƙarshe. Shirin Seinfeld a gaban jama'a aka yi shi, amma fitowar titi da ta cikin mota akan ɗauke su tun kafin ranar, a nuna wa 'yan kallo a allunan da ke rataye a gabansu, a naɗi dariyarsu. Turawan Ingila ma haka suke yi. Waɗanda suka kalli Some Mothers Do 'Ave 'Em a talabijin ɗin gwamnati a da za su tuna yadda launin hoto ke canzawa da zarar jarumin shirin, Frank Spencer, ya fita waje. Cikin gida bidiyo ne a situdiyon BBC gaban jama'a, waje kuma fim ne da aka ɗauka tun farko aka haska musu. Saboda haka fitowa ɗaya ta waje ba ta isa hujja ba, sai ka duba yadda akasarin shirin yake.

Idan kana son gwaji mai kyau da za ku zauna ku yi da ƙanenka, ku nemi Happy Days. Shiri ɗaya ne, 'yan wasa ɗaya, amma ya rayu a gida biyu. Zango na 1 da na 2, wato 1974 zuwa farkon 1975, da kyamara ɗaya aka yi su da dariyar inji, in ban da kashi ɗaya a zango na 2 da aka gwada a gaban jama'a. Daga zango na 3, a ƙarshen 1975, mai shirin, Garry Marshall, ya mayar da shi gaban 'yan kallo da kyamara 3. Ku ɗauki kashi ɗaya daga farkon zango na 2, ɗaya daga zango na 4. A na farkon za ku ga ana yawan fita waje, ana zama a cikin motoci a harabar gidan abincin Arnold, kyamara na matsowa dab da fuska, mutane na magana da muryar hira ta yau da kullum, dariya kuma na zuwa a taƙaice ta wuce. Fonzie, wanda Henry Winkler ya fito a matsayinsa, yakan shigo ya fara magana kai tsaye. A na biyun har gidan iyalin Cunningham an sake masa tsari, an buɗe falon ya fuskanci gefe guda. Muryoyi sun ƙaru, motsin hannu ya faɗaɗa. Fonzie na buɗe ƙofa sai tafi da ihu su tashi, shi kuma ya tsaya cak yana jira, sauran 'yan wasan ma kowa ya riƙe inda yake har hayaniyar ta lafa. Ku ƙirga daƙiƙun da agogon waya. Wannan tsayuwar babu ita a zango na 2, domin a lokacin babu wanda zai tsaya wa. Irin wannan tafin ya taɓa damun masu Seinfeld, har aka roƙi 'yan kallo su rage tafa wa Kramer, ɗaya daga cikin jaruman shirin, idan ya faɗo ɗaki, saboda yana karya wa sauran 'yan wasa tafiyar magana.

M*A*S*H kuma gwaji ne ta ɗaya ɓangaren. Labarin asibitin soja ne a yaƙin Koriya, an yi shi daga 1972 zuwa 1983 da kyamara ɗaya, wani ɓangare a fili cikin duwatsu. CBS ta nace sai an sa dariya, masu shirin ba su so, aka daidaita a kan cewa ba za a sa ta a ɗakin tiyata ba. BBC ta nuna shi babu dariyar, kuma faifan DVD ɗinsa yana ba ka zaɓi ka kunna ta ko ka kashe. Ka kashe ta ka gani, wasan na tafiya lafiya lau, babu ramin da ya rage, domin ba a taɓa jiran ta ba. Ka kwatanta da gutsattsarin Friends ko The Big Bang Theory da mutane ke cire wa dariya suna sakawa a YouTube, inda 'yan wasa ke tsayawa suna kallon juna shiru kamar an yi rasuwa. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin hujjar cewa wasan ba shi da ban dariya, kuma abin yana ɓata mini rai, domin ba adalci ba ne ga masu aikin. Shirun nan shi ne wurin da jama'a suka cika da muryarsu a daren da aka yi wasan, kuma shi ne shaida mafi ƙarfi cewa suna nan.

Akwai inda duk waɗannan alamu ke gazawa, kuma ya kamata ka san shi. How I Met Your Mother, wanda ya fara a 2005, yana da ɗakuna masu bango 3 da kyamarori da yawa, ido zai rantse akwai 'yan kallo. Babu su. Labarin na yawan tsalle daga wannan shekara zuwa waccan, fitowa gajeru masu yawa, ba zai yiwu a yi shi a dare ɗaya gaban taro ba, don haka ana ɗaukar sa cikin kwanaki, dariyar ta biyo baya. A nan tsarin ɗaki zai yaudare ka, sai ka koma ga saurin maganar, za ka ga ba a dogon jira. Haka ma a 2020, lokacin annobar korona, shirye-shirye da dama da suka saba da jama'a sun ci gaba a ɗakunansu na da, kujeru babu kowa. Kuma kayan aikin yau sun wuce akwatin Douglass nesa ba kusa ba. Mai sauti na iya ajiye dariyar da 'yan kallon shirin suka yi a makonnin baya, a zaure ɗaya da makirfo ɗaya, ya ɗauko ta ya cike gurbi. Idan ya iya aikinsa, ni da nake wannan sana'a ba zan ce maka ga mahaɗin ba. Abin da za ka iya tabbatarwa shi ne ko akwai taro a wurin ko babu. Cewa kowace dariya a daidai wannan daƙiƙar aka yi ta, wannan sai wanda ya zauna a ɗakin haɗa sautin.

Wani lokaci ma shirin da kansa yake faɗa. Masu kallo sun riƙa zargin Cheers da dariyar inji, sai aka sa ɗaya daga cikin 'yan wasan yana sanarwa a farkon kowane kashi cewa an ɗauke shi a gaban 'yan kallo. A wasu shirye-shiryen kuma a rubuce yake cikin sunayen ƙarshe, don haka ka bari su gama wucewa kafin ka tsallaka kashi na gaba. Shi kuma Friends, ka gaya wa ƙanenka akwai 'yan fitowa da aka ɗauka babu jama'a, musamman na ƙarshen zango da ake ɓoye sirrinsu don kada labari ya fita kafin a nuna. A waɗannan kam, da kuma wuraren da aka gyara mahaɗi, abin da kunnensa ya gaya masa daidai ne.